Muhawara a kan wasiƙar Malam Habu ta neman kuɗin kafa ƙaramar tashar auna yanayi

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare da ke wajen garin Daura, kuma shekara shida ke nan ina zana wa yara ma'aunin ruwan sama a allo alhali babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa riƙe shi a hannu. Na rubuta wasiƙa zuwa ofishin ilimi na shiyya, amma ina so ku duba mini ita kafin in kai. Ga abin da na rubuta:

"Ranka ya daɗe, ina mai roƙon ofishinka da ya taimaka wa makarantarmu da kuɗin kafa ƙaramar tashar auna yanayi, domin ɗalibai su riƙa ganin kayan aikin da ake tambayarsu a kai a jarrabawa. Muna buƙatar ma'aunin ruwan sama, da ma'aunan zafi, da ma'aunin danshin iska, da na ƙarfin iska da na alƙiblarta, da farin akwatin katako da ake ajiye ma'aunan zafi a ciki. Tashar za ta amfani ɗalibai da manoman yankin baki ɗaya. Ina fatan za a duba wannan koke da idon rahama."

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Malam Habu, na shugabanci makaranta na tsawon shekaru kafin in yi ritaya, kuma zan faɗa maka gaskiya: wasiƙar nan tana da ladabi, amma jami'in da za ta faɗa hannunsa ba zai sami abin da zai rubuta a gefenta ba. Babu adadin kayan, babu farashi, babu wurin da za a kafa, babu sunan wanda zai kula. Sa'an nan wasiƙar malami ba ta tafiya ofishi kai tsaye, sai ta hannun shugaban makaranta, ya sa hannu ya buga hatimi, ya ƙara layi biyu cewa ya amince. Ka haɗa ta da takardun farashi daga dillalai uku, kowane kaya da kuɗinsa a layinsa, domin idan ka nemi dunƙulallen kuɗi, amsa ɗaya ce ake iya ba ka, ko a'a ko shiru, amma idan ka rarraba, mai duba takarda zai iya cewa a ba da na ɗaya zuwa na uku a bana.

Nasiru: Baba Habu, ni ina ganin duk wannan jerin kayan na zamanin da ne. Yanzu akwai na'ura guda ɗaya mai farantin hasken rana wadda take auna ruwa da zafi da iska da danshi a lokaci guda, ta turo sakamakon cikin waya. Ba ta buƙatar akwatin katako, ba ta buƙatar wanda zai fita da safe. Ka nemi ita kaɗai, wasiƙar ta zama layi ɗaya.

Alhaji Lawal: Na yi aikin karanta ma'aunan yanayi fiye da shekara ashirin, saboda haka bari in sa baki, kuma ina neman afuwa domin zan ɗan tsawaita.

Nasiru, ɗana, rabin maganarka gaskiya ce, kuma zan dawo kanta. Amma Malam Habu, tambayar da ya kamata wasiƙarka ta amsa kafin kowace ita ce: wa zai karanta ma'aunin ruwan a watan Agusta? Damina a ƙasar Daura da Katsina gajera ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma ruwa mafi yawa yana sauka ne a Agusta, lokacin marka. Dogon hutun makarantu kuwa yana faɗawa daidai wannan lokaci. Idan littafin tashar ya zama babu komai a cikinsa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, to ba ka da jimlar ruwan shekara ke nan, kuma jimlar shekara ita ce abin da kowa zai fara tambayarka. Na sha ganin tashar makaranta da aka kafa da murna aka yi hotuna, bayan hutu guda aka tarar da kwalbar ma'aunin ruwan ta cika da ganye da matattun ƙwari, littafin kuma ya tsaya a shafi na tara. Kayan ba su lalace ba, mai karantawa ne babu.

Saboda haka ka sa a wasiƙar cewa za a karanta ma'aunin kowace rana da ƙarfe tara na safe, har Asabar da Lahadi da ranar Salla, ka faɗi wanda zai yi a lokacin zango da wanda zai yi a lokacin hutu. Ba sa'ar ce take da wani sirri ba, riƙe ta ba tare da canzawa ba shi ne abin nema. Ruwan da ka tarar da safiyar Talata kuma a layin Litinin ake rubuta shi, domin mafi yawan sa'o'i 24 ɗin da ya taru a cikinsu na Litinin ne.

Malam Habu: Allah ya saka da alheri, Alhaji. Wallahi maganar hutu ba ta zo mini a rai ba. Ni kaina gida nake tafiya Mai'adua in yi noma idan an yi hutu. Muna da maigadi da yake kwana a makarantar, kuma ya iya karatun lamba, sai dai ban sani ba ko ya dace in ɗora masa wannan nauyi. Wurin da na zaɓa kuwa shi ne bayan ɗakin malamai, kusa da itacen bedi, domin yana da inuwa kuma idon malamai yana kai.

Alhaji Lawal: Malam, wurin nan da ka zaɓa shi ne mafi muni a duk makarantar, ka yi haƙuri. Ƙa'idar ita ce ma'aunin ruwa ya yi nesa da kowane gini ko itace da aƙalla ninki biyu na tsayin abin, ninki huɗu kuma ya fi. Ka auna bedin nan. Idan tsayinsa mita 9 ne, to mafi ƙarancin tazara mita 18 ke nan, wadda aka fi so kuma mita 36. Ɗakin malamai idan ya kai mita 4, ka ba shi mita 8 zuwa 16. Dalili kuwa kowa a nan ya san shi: hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, ruwan ba a tsaye yake sauka ba, a karkace yake zuwa. Itacen da ke gabas da ma'aunin zai tare masa ruwa ya ba ka ƙasa da gaskiya, rassan da suka rufa a kansa kuma za su riƙa ɗiga a ciki bayan an ɗauke. Rufin kwano ma yana dumama iskar da ke kusa da shi, ya ɓata maka lissafin zafi.

Inuwar da kake nema ita ce aikin farin akwatin. An yi masa fenti fari da ƙananan kafofi a kowane gefe domin iska ta ratsa amma rana kada ta taɓa ma'aunan, kuma ana ɗora shi a kan ƙafafu ta yadda ma'aunan za su kasance tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa. Ga wani abu da littattafan da aka rubuta don ƙasashen Turai ba sa faɗa wa yaranmu daidai: suna cewa ƙofar akwatin ta kalli arewa domin kada rana ta shiga idan an buɗe. Daura tana wajen digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewa da kanmu ne da tsakar rana. Ka ce wa kafinta ya yi ƙofa biyu, ta arewa da ta kudu, a riƙa buɗe wadda ba ta kallon rana. Kuma ya shafa wa ƙafafun maganin gara, in ba haka ba kafin damina biyu akwatin zai durƙusa.

Baba Mani: Malamai, ni manomi ne a wajen Sandamu, ɗana ne yake rubuta mini. Abin da nake son sani shi ne, idan aka kafa wannan tasha, za ta faɗa mana ranar da ruwa zai sauka? Bara na yi shuka da ruwan farko, gero ya tsiro ya yi kyau, sai aka ɗauke kwana goma sha biyar, duk ya ƙone, sai da na sake neman iri. Idan na'urar za ta hana irin wannan, mu da kanmu za mu haɗa kuɗin.

Alhaji Lawal: Baba, ba zan ruɗe ka ba, tashar makaranta ba ta faɗin abin da zai zo, tana rubuta abin da ya riga ya faru ne. Hasashe aikin Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya ne, wadda take fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Amma akwai abin da ma'aunin zai iya yi maka. Masu binciken aikin gona a yankin Sahel suna da wata ƙa'ida ta gane faɗuwar damina ta gaskiya: a sami aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, sa'an nan kada a sami fari na fiye da kwana bakwai a cikin kwana talatin da suka biyo baya. Sharaɗi na farko ma'aunin zai gaya maka shi da safe, ka san ko ruwan jiya milimita 6 ne da ya jiƙa saman rairayi kawai, ko 25 ne da ya ratsa. Sharaɗi na biyu kuwa ba a saninsa sai bayan ya wuce, kuma shi ne ya same ka bara. Idan aka tara littafi na shekara goma, za a iya duba sau nawa ruwan watan Mayu ya yaudari mutane a wannan yanki, amma ko wannan ba alkawari ba ne.

Malam Habu, saboda wannan nake ba ka shawarar ka gyara jimlar nan ta "za ta amfani manoman yankin baki ɗaya". Ta yi faɗi. Ruwanmu yana iya sauka a wannan ƙauye ya bar na gaba da shi a bushe, kuma wannan ma hujja ce a gare ka: tashar hukuma da ke filin jirgin saman Katsina tana da nisan kusan kilomita 80 daga Daura, abin da ta rubuta ba lalle ne ya zama abin da ya sauka a filin makarantarku ba. Ka rubuta haka, ka ce za a riƙa lika adadin ruwan kowace rana a allon bakin ƙofar makaranta. Wannan alkawari ne da za ka iya cikawa.

Nasiru: To ai Baba Alhaji, ka ƙarfafa maganata ne. Matsalar hutu ita ce babba, na'urar kuma ba ta zuwa hutu.

Alhaji Lawal: Ba ta zuwa hutu, amma tana yin ƙarya cikin natsuwa, kuma ba wanda zai sani. A cikinta akwai wani ɗan cokali mai baki biyu da yake tuntsurewa duk lokacin da ya tara kimanin milimita 0.2, na'urar kuma tana ƙirga tuntsurawar. Ƙurar hunturu tana taruwa a mazurarin, ruwan farko ya mayar da ita laka ta toshe ƙofar, ko zanzaro ya gina ɗakinsa a ciki, sai wayarka ta nuna maka sifili a ranar da kwata ta cika. Idan ruwa ya yi ƙarfi sosai kuma, irin namu na marka, wani yana zubewa a lokacin da cokalin yake juyawa, sai ta ƙirga ƙasa da abin da ya sauka. Hanyar gane ƙaryarta ita ce a ajiye ma'aunin hannu kusa da ita a riƙa gwadawa, wanda ke nufin mai karantawa bai kuɓuta ba. Ban ce kada a saya ba. Na ce kada ta zama ta farko, musamman da yake farantin hasken rana a filin makarantar da ba kowa lokacin hutu yana jan ido.

Malama Rabi: Ni malamar lissafi ce a cikin garin Katsina, kuma ina da tambaya da ta shafi kuɗi. Me ya sa ba za a yi amfani da gwangwani da rula ba? Na taɓa sa yara suka ajiye bokiti a fili, muka auna zurfin ruwan, amma abin da muka samu ya yi yawa har na ji kunyar rubuta shi.

Alhaji Lawal: Malama, bokitin ne ya cuce ku, domin bakinsa ya fi gindinsa faɗi, yana tara ruwan fili mai faɗi ya matse shi a ƙunci, sai zurfin ya ƙaru. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa ɗaya ne, zurfin ruwan cikinsa shi ne adadin ruwan da ya sauka, kuma yana da kyau ga darasi. Matsalarsa ita ce rana tana shanye ruwan kafin safe idan da yamma aka yi shi, wani yana fantsama waje, kuma milimita biyu ko uku ba sa karantuwa da rula. Ma'aunin gaske yana da mazurari mai faɗin milimita 127, bakinsa a kwance daidai kuma santimita 30 daga ƙasa, yana zuba ruwan cikin kwalba mai ƙaramin baki, sa'an nan a juye a gilashin awo mai zane.

Tun da lissafi ne fanninki, ga darasi. Faɗin filin bakin mazurarin nan ya kama kusan murabba'in santimita 127, saboda haka kowane milimita ɗaya na ruwan sama yana tara mililita 12.7 a kwalba. A ce gilashin awon ya fashe, wanda yake faruwa a hannun yara ba daɗe ba jima, sai aka aro na ɗakin kimiyya aka sami mililita 380. A raba 380 da 12.7, a sami kusan milimita 30. Milimita ɗaya kuwa lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita, saboda haka hekta ɗaya ta gonar Baba Mani ta sha lita 300,000 a wannan dare. Malam Habu, ka sa gilashin awo biyu a jerin kayanka, kuma ka tabbata na mazurarin da ka saya ne, domin gilashin da aka zana don wani faɗin zai ba ka lamba ta ƙarya kullum ba tare da wata alama ba.

Hajiya Binta: Wannan lissafi ya shiga wasiƙar, Malam Habu, ko da a layi biyu, domin yana nuna cewa malaman lissafi da na aikin gona ma za su ci moriya, ba aji ɗaya ba. Amma ina da saɓani da Alhaji a kan maigadi. Idan ka sa alawus na wata-wata a cikin buƙatarka, ka kashe wasiƙar da hannunka, domin ofishi ya fi sauƙin amincewa da sayen kaya sau ɗaya a kan ɗaukar nauyin da zai riƙa dawowa. Ka kai maganar maigadi gaban ƙungiyar iyaye da malamai, su ɗauki wannan, ka rubuta a wasiƙar cewa sun ɗauka. Kuma ka kai ta da wuri, tun kafin a rufe shirin kasafin shekara mai zuwa, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Na taɓa bin wata takarda wata bakwai a wani ofishi, a ƙarshe aka ce ba a taɓa ganinta ba, ni kuma ba ni da shaida.

Alhaji Lawal: Hajiya, ban ce a sa alawus a wasiƙa ba, amma ina tsoron aikin da aka jingina ga alkawarin taro. Kwana arba'in a jere mutum ya fita cikin laka da ƙarfe tara, idan ba a ba shi komai ba, ranar da ya makara zai cike layin da ka, kuma lambar da aka ƙirƙira ta fi layin da aka bari fanko illa. Duk wanda zai yi, a koya masa abu uku: ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta 0, ranar da ba a duba ba a bar wurin a ja layi, idan kuma aka tsallake kwana biyu, a rubuta abin da aka tarar a matsayin jimlar kwanakin, kada a raba shi da zato.

Malam Habu: Na fahimta. To ma'aunin danshi da na iska fa, in bar su ko in cire?

Alhaji Lawal: Na ƙarfin iska ka ɗage shi zuwa mataki na biyu, domin ƙa'idarsa sanda mai tsayin mita 10 a buɗaɗɗen fili, kuma kuɗin sandar da kafa ta ba kaɗan ba ne. Mai nuna alƙiblar iska kuwa mai walda zai ƙera maka, yara su ga yadda take juyawa daga arewa maso gabas a hunturu zuwa kudu maso yamma da damina. Na danshi ka bar shi, ma'aunan zafi biyu ne kawai, ɗaya a bushe, ɗaya an naɗe gindinsa da ƙyalle mai shan ruwa daga ƙaramar kwalba. Sai dai a hunturu kwalbar tana ƙafewa da sauri, ƙura kuma tana daskarar da ƙyallen. Idan ka ga su biyun sun nuna lamba ɗaya a watan Janairu, lokacin da leɓe yake tsagewa, ƙyallen ne ya bushe. Ka riƙa canza shi, ka zuba masa ruwan sama da aka tace ko ruwan batir da ba a sa wa asid ba, ban da ruwan rijiya mai kanwa. Abin da bai kamata ka manta ba shi ne shingen waya mai raga da ƙofa da kwaɗo, ba katanga ba, domin katanga tana tare iska, raga kuwa awaki kawai take tarewa.

Malam Habu: Na gode ƙwarai. Yau da yamma na je da igiyar awo, na tarar bedin ya fi yadda nake zato, kuma wurin da ya cika sharaɗin tazara shi ne kusurwar filin ƙwallo ta kudu. Na sake wasiƙar: ta hannun shugaban makaranta, mataki na farko ma'aunin ruwa da gilashin awo biyu, akwati mai ƙofa biyu, ma'aunin da ke nuna mafi yawan zafi da wanda ke nuna mafi ƙarancinsa, na danshi, shinge da littafi, mataki na biyu sandar iska da na'urar Nasiru. Na ware sakin layi guda ga masu karantawa, ɗaliban aji huɗu bi da bi a lokacin zango. Wurin hutu ne har yanzu na bari fanko, domin shugaban ƙungiyar iyaye ya ce sai sun zauna ranar Asabar.

Nasiru: Baba Habu, kusurwar filin ƙwallo fa? Ragar nan za ta sha duka, kuma gilashi ne a cikin akwatin.

Alhaji Lawal: Yaron nan ya yi gaskiya a wannan karon. Malam, ka turo mana zanen filin da tsayin kowane gini da itace, mu duba ko akwai wani wuri a bayan gonar makaranta kafin ka kai takardar.